Katanga a wasan Bakgamon: yaushe za ka bugi ɗan abokin wasa ba kariya?

Mun daɗe muna muhawara kan wannan, ga inda maganar ta tsaya. Katanga ita ce gidaje a jere, kowanne da 'ya'yanka biyu. Idan ta kai gidaje shida a jere, ɗan abokin wasa da ke bayanta ba shi da hanyar fita, domin ɗan lido bai wuce 6 ba.

Misalin da aka fi tattaunawa: ka riƙe gidaje 8, 7, 6 da 5, ɗan abokin wasanka guda yana zaune a gida 4, bakin katangar. Yawancinmu sun ce a buge shi, ko da ɗanka zai tsaya shi kaɗai. In ka ƙyale shi, 5 ko 6 kawai yake nema ya tsallake, ko ya kawo ɗan'uwansa su kafa gida. In kuma ka buge shi, haɗarin ya rama da 4 kai tsaye jifa 11 ne cikin 36. In ya kuskure, ka rufe, katanga ta zama biyar.

Wani dattijo ya ja kunne: fara duba gidan abokin wasan. In ya rufe gidaje huɗu ko biyar a ɓangarensa, ramuwa ɗaya za ta tsare ka a waje. Ni ma na taɓa bugawa ba ni da ɗan rufewa a kusa, na sha kashi.