Inbois ɗin dala 10,000 daga Indiya babu VAT a kai: wa zai biya, kuma yaya ake shigar da shi littafi?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum akantoci. Kamfanin da nake riƙe wa littafi a Kano, mai yin robobi, ya ɗauki wani kamfanin Indiya aikin gyara manhajar lissafin kaya da horar da ma'aikata, duk daga nesa aka yi, babu wanda ya zo. Inbois ya iso a watan Nuwamba 2025, dala 10,000 cif, ba su sa VAT ba. An shigar da shi a matsayin kuɗin aiki kawai. Yanzu odita ya ce akwai VAT a kanmu. Waɗanda suka saba da irin wannan, yaya kuke yi, daga shigarwa har biya?

Malam Sabi'u Fagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Odita yana da gaskiya. Inda aka ci moriyar aikin ake dubawa, kuma a Najeriya aka ci. Bisa ƙa'ida kamfanin waje shi ya kamata ya yi rajista ya sa harajin a inbois. In bai sa ba, nauyin ya dawo kan mai saye: ke za ki lissafa kashi 7.5 da kanki, ki kai wa hukumar haraji, shi ake kira cajin kai. Har kotu an je a kan wannan. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke wa Vodacom hukuncin cewa sai ya biya VAT a kan hidimar tauraron ɗan'adam da ya saya daga wani kamfanin Holan, duk da cewa wancan bai yi rajista a nan ba kuma bai sa harajin a takardarsa ba. Dokar Kuɗi ta 2019 kuma ta zo ta rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Mu ɗauka ranar inbois dala tana naira 1,500, ki maye gurbinsa da ainihin canjin da littafinku ya yi amfani da shi. Aikin ya zama naira 15,000,000. VAT ɗinsa dala 750, wato naira 1,125,000. Akwai kuma harajin da ake cirewa daga kuɗin mai aiki, WHT, kashi 10 ga irin wannan aiki in ɗan waje ne, sai dai in wata yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen ta canja lissafin. Shi kuma dala 1,000 ke nan.

```
Dr  Consultancy expense     15,000,000
    Cr  Foreign supplier            13,500,000
    Cr  WHT payable                  1,500,000

Dr  Consultancy expense      1,125,000
    Cr  VAT self-charge payable      1,125,000
```

Ki lura da bambancin biyun, don a nan aka fi tuntuɓe. WHT daga cikin kuɗin Ba'indiyen yake fita, shi ya sa zai karɓi dala 9,000. VAT kuwa ɗori ne a sama, daga aljihun kamfaninku. Aikin dala 10,000 ya tsaya muku dala 10,750.

Abba Landan

Yallabai Sabi'u, shigarwa ta biyu ba ta yi mini ba. Ai wannan haraji shiga-da-fita ne a takarda, ko kwabo ba ya barin banki. A Birtaniya in ka sayi aiki daga waje, kashi 20 ɗin za ka sa a akwati na 1 na fom ɗin VAT a matsayin wanda ake binka, ka sake sa shi a akwati na 4 a matsayin wanda kake bi, su cinye juna. Me zai kai shi cikin kuɗin kashewa? Ni haka zan yi:

```
Dr  Input VAT     1,125,000
    Cr  Output VAT        1,125,000
```

Malam Sabi'u Fagge

Abba, abin da ka faɗa daidai ne a inda kake, ga kamfanin da duk cinikinsa mai haraji ne. Amma dubi kwanan watan inbois ɗin Hajiya. Har zuwa ƙarshen Disamba 2025, sashe na 17 na tsohuwar dokar VAT bai yarda a ci VAT ɗin da aka biya a kan ayyuka ba. Na kayan da aka saya don sayarwa, ko kayan da suka shiga cikin abin da ake ƙerawa kai tsaye, shi kaɗai ake ragewa daga wanda aka karɓa a wajen masu saye. Na aiki da na hidimar ofis yana tafiya cikin kuɗin kashewa, na inji da gini kuma a haɗa shi da farashin kadarar. Saboda haka in ta bi naka, ta aje naira 1,125,000 a littafi a matsayin bashin da take bin gwamnati alhali ba ta bin komai, ribar shekara kuma ta kumbura da daidai wannan adadi.

Daga 1 ga Janairu 2026 ne sabuwar dokar haraji ta buɗe ƙofar cin VAT na ayyuka da na kadarori, gwargwadon yadda aka yi amfani da su wajen ciniki mai haraji. Da inbois ɗin na Fabrairu 2026 ne, ɓangaren Dr ɗinka ya zauna. Ɓangaren Cr ɗin ma ba zan zuba shi cikin Output VAT na ciniki ba, zan ba shi asusunsa daban.

Ɗan Kwari

Ni ban gane abin da ya kawo dogon lissafi ba. Duk wanda ya shigo da kaya daga Sin ya san VAT a tashar jirgin ruwa ake biyansa tare da kuɗin kwastam, ejan ya kawo maka takarda, shi ke nan. Hajiya ki nemi takardar kwastam ɗin ki ba odita.

Anti Rabi Kaduna

Alhaji, ai babu kwantena a maganar Maman Hanifa. Aiki ne ta intanet, bai bi ta Apapa ba balle kwastam su gan shi, shi ya sa ma aka ɗora wa mai saye. Amma ka taɓo inda masu masana'anta ke faɗawa. Inji ya zo, an biya VAT ɗinsa a tasha, sai daga baya kamfanin da ya sayar ya aiko inbois na biyu na kafa injin da koyar da masu aiki. Takardar kwastam ba ta rufe wannan na biyun ba, sai an caji kai a kansa.

Abin da zan ƙara a kan na Malam Sabi'u shi ne ranar biya. Inbois na Nuwamba 2025, harajinsa zuwa 21 ga Disamba ya kamata ya shiga, kuma tsohuwar doka ta ce da kuɗin da aka yi cinikin za a biya, wato dala 750, ba naira ba. Tunda bashin na dala ne, motsin canji yana taɓa shi. A ce ranar da banki ya fitar da kuɗin dala ta koma 1,520:

```
Dr  VAT self-charge payable   1,125,000
Dr  Exchange loss                15,000
    Cr  Bank (USD)                    1,140,000
```

Naira 15,000 ɗin asarar canji ce, kada a mayar da ita cikin asusun VAT. In aka tura ta can, asusun zai riƙa nuna ɗan ragowar da ba wanda ya san asalinsa, wata bayan wata yana taruwa, ƙarshen shekara a rasa yadda za a daidaita shi da rasitan biya. Haka na Ba'indiyen: dala 9,000 a 1,520 naira 13,680,000 ne, an aje 13,500,000, asara 180,000. Wannan ƙarin ba ya jawo sabon VAT, domin harajin dala 750 ne tun farko, kuma yana nan dala 750.

Tunda lokaci ya riga ya wuce, akwai tarar kashi 10 da kuɗin ruwa. A buɗe musu layinsu daban, kada a cusa su cikin kuɗin aiki, don ba a yarda a rage tara daga riba lokacin lissafin harajin kamfani.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai. Maigidan kamfanin cewa yake a cire dala 750 ɗin daga ragowar kuɗin da ba a tura musu ba, tunda su suka ƙi sawa. Kuma a yarjejeniyar akwai layin da ya ce za a biya su kuɗinsu cikakke ba tare da cire wani haraji ba. Yanzu na gan shi.

Malam Sabi'u Fagge

To wannan layin ya sauya lissafi, Hajiya. Na farko, ba a cire VAT daga kuɗinsu. Ana riƙe VAT ne in sun rubuta 10,000 da 750 a inbois, sai ki riƙe 750 ɗin ki kai wa hukuma. Da ba su rubuta ba, babu abin riƙewa. Wasu kuma sukan ɗauka harajin yana cikin 10,000 ɗin, su ninka da 7.5 su raba da 107.5 su fitar da dala 697.67. Mai binciken haraji ba zai karɓa ba in babu inda takarda ta ce farashin ya haɗa da VAT, kuma giɓin dala 52.33 zai biyo da tararsa.

Na biyu, in dole su karɓi 10,000 cif, WHT ɗin ma ya dawo kanku. Sai a ɗaga kuɗin: 10,000 a raba da 0.9, ya ba da dala 11,111.11. WHT ya zama 1,111.11. Ni a kan 11,111.11 nake lissafa VAT, ya zama dala 833.33, domin abin da aikin ya ci ke nan a zahiri.

Anti Rabi Kaduna

A nan ne ba mu jitu ba, Malam. Kamfanoni da dama a kan abin da ke fuskar inbois suke caji, 750, hujjarsu ita ce dala 1,111.11 ɗin ba ta isa hannun mai aiki ba. Na san amsarka, cewa bashinsa ne aka biya masa, don haka tana cikin ladan aikin. Bambancin dala 83.33 ne. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta dalili a maƙala a jikin baucan, kuma a tsaya a kansa a kowane inbois. Sannan a sani, WHT ɗin da kamfani ya ɗauke wa wani, hukuma ba ta cika yarda a rage shi daga riba ba.

Habu Odita

Ta ɓangaren masu bincike, ga yadda ake kamo shi, don ku riga su. Ba littafin VAT ake fara buɗewa ba. Bayanan asusun dala ake karɓa daga banki, a jera duk kuɗin da ya fita waje, a ware na kaya masu takardar kwastam. Abin da ya rage, kowanne sai an nuna ɗayan biyu: inbois mai ɗauke da VAT na Najeriya, ko rasit na cajin kai. Sai a ɗauko jadawalin WHT a gwada. In kun cire wa ɗan waje kashi 10 a Nuwamba amma babu VAT ɗinsa a shafin shigar da haraji na hukuma, da hannunku kuka kai ƙarar kanku.

Akwai kuskuren da yake kishiyar na Hajiya. Tun 2022 manyan kamfanonin intanet irin su Google da Meta suna sa kashi 7.5 a inbois ɗin abokan cinikinsu na Najeriya, su karɓa su kai da kansu. Akantan da ya saita manhajarsa ta caji kai a kan duk wani mai kaya na waje zai biya sau biyu a kan tallan Facebook, kuma dawo da kuɗi daga hukuma ba wasa ba ne. A duba inbois ɗin kansa, ba bayanin katin banki ba. In akwai layin VAT kuma an cire shi a katin, shigarwa ɗaya ce, babu VAT self-charge payable.

Abba Landan

Na karɓi gyara a kan 2025. Amma na 2026 fa? In ana cin sa yanzu, me zai hana a haɗe su a fom ɗin wata ɗaya su kashe juna, maimakon a fitar da kuɗi a jira?

Habu Odita

Ni shawarar da nake ba kamfanoni ita ce su biya cajin kai cikakke, su riƙe rasit, sannan su ci shi a ɓangaren Input VAT. Rasit ɗin shi ne hujjarka, tunda inbois ɗin ɗan waje ba ya ɗauke da harajin da za ka nuna. Kuma ba duka ake ci ba in cinikin gauraye ne. Kamfanin da ke sayar da robobi kuma yana karɓar hayar gidaje, wadda ba ta cikin VAT, in manhajar tana yi wa ɓangarorin biyu aiki sai an raba. A ce robobi ne kashi 80 na ciniki:

```
Dr  Input VAT                900,000
Dr  Consultancy expense      225,000
    Cr  VAT self-charge payable    1,125,000
```

Maman Hanifa

Namu robobi ne zalla. Akwai wani inbois ɗinsu na kula da manhajar na shekara guda, daga Oktoba 2025 zuwa Satumba 2026, an fitar da shi an kuma biya tun Oktoba. Wata tara na aikin sun faɗo cikin sabuwar doka. VAT ɗin wata taran nan zan iya cin sa, ko ranar inbois ce ta yanke hukunci?

Malam Sabi'u Fagge

Ni ranar inbois nake bi. Harajin ya wajaba tun Oktoba, ƙarƙashin tsohuwar doka, don haka zan haɗa shi da kuɗin da aka biya gaba a Prepayments, ya riƙa sauka cikin kuɗin kashewa wata-wata. Habu, kai da kake zama da jami'an haraji a teburin bincike, ka ga sun bar wani ya ci na wata taran?