Me zan ce wa ma'aikatana ran walima, ga shi suna bina albashi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin injin shinkafa a wajen Auyo, mutum 18 ke aiki, bakwai mata ne masu turara. Bana mun sha wuya. Ruwa ya shiga sito a watan Agusta, shanshera buhu 60 ta jiƙe ta yi tsiro, ga tsadar gas, ga belin injin da ya tsinke sau biyu, na biyun ma sai Kano aka samo, kwana tara muna zaune. Na sallami mutum uku. Sauran suna bina albashin wata guda. Ranar Asabar ta ƙarshen Disamba zan haɗa musu walima, ina son in yi jawabin godiya. Ban saba magana a taro ba. Me zan ce, kuma minti nawa?

Tsohon akawu, Hadejia:
Wa alaikumussalam Alhaji. Maganar bashin ita ce jawabin. Mutumin da ke binka, duk abin da kake faɗa kunnensa na jiran wurin nan, in ka tsallake shi ko ka kai shi ƙarshe, godiyar gaba ɗaya ba ta shiga ba. Bayan sallama da salati, kada ka wuce jimla uku ba ka taɓo shi ba. Ka ce, "Kuna bina albashin wata kaza, ban manta ba, haƙƙinku ne. Rabi yau yana cikin ambulan, rabi ranar kaza." Ka faɗi rana da wata. Kada ka ce "in abubuwa sun daidaita", ma'aikaci ya san wannan ba rana ba ce. Kuma ranar da za ka faɗa, ka ƙara mata mako biyu a kan wadda kake zato, gara ka biya kafin lokaci da ka saɓa a gaban shaidu 18.

Sai godiya, kuma ba a yinta a dunƙule. "Na gode muku baki ɗaya" ba wanda zai tafi gida da ita. Ka bi sashe-sashe yadda shinkafar ke bi: masu awo da dako, masu jiƙo da turara, masu shanya, masu injin, mai ɗinkin buhu, direba, maigadi. Kowane sashe ka kama abu ɗaya da ya faru da idonka. Misali daren ruwan, waɗanda suka shiga sito ruwa iya gwiwa suna ɗauke buhuna zuwa tudu, ka faɗi daren, ka faɗi buhu nawa suka tsamar. Mutum 18 ba yawa, kowa a kira sunansa, ka rubuta a takarda ka bi da yatsa. In ka kira 17 ka manta ɗaya, wannan ɗayan shi kaɗai za a yi ta zancensa a gari. Ka fara da dattijai, maigadi in ya girme ka ka ce Baba. Matan aure kuma ka kira su yadda ake kiransu a wurin aiki, Maman wane ko Inna wance.

Asararka jimla ɗaya ta ishe ta. Suna wurin aka yi, sun fi ka sanin warin shansherar da ta yi tsiro. Ka rufe da neman yafiya a kan jinkirin da kuma faɗan da ka yi a lokacin matsi, sai malam ya yi addu'a. Minti biyar zuwa shida. A rubuce bai wuce shafi biyu na littafin makaranta ba.

Mai tambaya:
Na gode ranka ya daɗe. Amma rabin nan ba ni da shi yanzu, kuɗina na hannun wani dillali. Kuma in ban yi musu bayanin asarar dalla-dalla ba, za su ɗauka kuɗin na nan na hana.

Direban tifa:
To in babu kuɗi walimar ta mece ce? Mu an taɓa tara mu aka yanka sa, muna bin ubangidanmu albashin wata uku, wallahi naman ko daɗi bai yi mana ba. Ka sayar da abin yankan ka raba musu, Alhaji. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Mai tambaya:
Ragon na gida ne, ni na kiwata, shinkafar kuma tamu ce. Ko na sayar ba zai biya albashin mutum uku ba.

Tsohon akawu, Hadejia:
To wannan ma ka faɗa musu da bakinka, jimla ɗaya, don lissafin da direba ya yi kowa zai yi shi a zuci yana kallon faranti. Lissafin asara kuwa ba a fili ake karanta shi ba. Ka kira shugaban masu injin da shugabar masu turara kwana biyu kafin walima, ka buɗe musu littafin, ka gaya musu ranar biya. Su za su kai wa sauran. Ran taro kai tabbatarwa kawai za ka yi. In rabi ya gagara, kashi ɗaya cikin huɗu ma ya fi hannu wofi.

Malamin sakandare, Ringim:
Ni ina ganin a fara da gaishe da manyan baƙi bisa tsari, dagaci, liman, sannan tarihin kamfani tun kafuwa. Ka ba wani mai iya magana ya rubuta maka, ka karanta. Kuma a zaɓi gwarzon ma'aikaci a ba shi kyauta, yana ƙara himma.

Hajiya mai abincin biki:
Malam, ai bai ce zai gayyaci dagaci ba. In ma manya na zaune, ba ma'aikacin da zai sake, shi ma Alhaji ba zai iya maganar bashi a gabansu ba. Gwarzo kuma a bar shi sai shekarar da aka biya kowa, bana ba abin da zai haifar sai gaba.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne lokaci. Ƙarshen Disamba hunturu ne, in ka bari sai bayan Isha a filin shanya, mutane na rawar ɗari, matan kuma hankalinsu na gida. Ka sa bayan La'asar, ƙarfe huɗu da rabi a zauna, kafin kiran Magariba an watse. Ka yi magana kafin a buɗe kuloli, da an fara zuba abinci ba mai saurarenka. Amma abincin ya riga ya iso yana ajiye, kada a ji jawabi a zauna jiran tukunya. Kada matan turara su yi girkin, Alhaji, ranar su ma baƙi ne, ka ɗauko wasu ka biya su. Tabarmarsu kuma a matso da ita inda za su ji muryarka, mutum 18 ba sa buƙatar lasifika. A tanadi leda ko roba, yawanci za su so kai wa yara.

Tsohon akawu, Hadejia:
Hajiya ta yi gaskiya a kan lokaci. Na saɓa da Malam a kan karantawa: kanun magana da sunaye kawai za ka riƙe, ka maimaita a ɗaki sau uku kana duba agogo. Saura mutum ukun da ka sallama. A gayyace su, a gode musu da suna, sun yi daminar tare da ku.

Hajiya mai abincin biki:
A'a, nan ban yarda ba. Ka kira mutum ya zauna yana kallon waɗanda aka bari? In ba mayar da su zai yi ba, a aika musu da nama da shinkafa har gida, a taro kuma a yi musu addu'a.

Mai tambaya:
Biyu zan iya mayarwa in shinkafar rani ta shigo. Na ukun ba don rashin kuɗi na sallame shi ba, kuma ƙanensa na cikin masu shanya. Shi ya sa nake ganin gara kada in taɓo su sam. Maganar rana kuma har yanzu ina tsoro, dillalin nan sau biyu yana ɗaga mini.

Direban tifa:
To ka je ka tsare dillalin tukuna mana. Yana ina, Dawanau ko Hadejia?