Wace kalma za mu sa a madadin Reach a rahoton ƙungiyarmu?

Sakatariyar ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ƙarama ce, ta tallafa wa marayu a unguwa, kuma masu bin shafinmu na Facebook ba su wuce 800 ba. Kwamitin amintattu ya nemi in rubuta rahoto da Hausa kan irin saƙon da ya fi kaiwa ga jama'a tsakanin rubutu zalla da hoto da bidiyo, domin a san ko ya dace a ci gaba da biyan mai ɗaukar bidiyo. A Meta Business Suite, manhajar kula da shafi ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ƙarƙashin Insights, na tarar da lissafi biyu a gefen kowane saƙo, Reach da Views. Na fara rubuta "isa" a madadin na farkon, sai na ga "isar bidiyo" ta yi kama da ana maganar izza. Ina neman shawarar malamai.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu a gidan rediyo cewa muke yi tasha tana cin dogon zango, don haka ni da "cin zango" zan kira shi. Idan ya yi wa dattawa nauyi, a ce "masu kallo" a huta.

Mai kula da shafukan ƙungiyoyi: Baba, Allah ya ƙara girma, kusan rabin maganar ka kama. Cin zango yana nuna iyakar inda muryar tasha za ta iya kaiwa, ko an kunna rediyo ko ba a kunna ba, alhali abin da Hajiya take tambaya a kai ƙidayar asusun da saƙon ya bayyana a fuskar wayarsu ne aƙalla sau ɗaya, kuma kowane asusu sau ɗaya ake lissafa shi ko da saƙon ya dawo masa sau biyar. Shi ma ƙiyasi ne, kamfanin da kansa ya faɗi haka. "Masu kallo" kuwa zai jawo ruɗani, domin tun 2024 Meta ta mayar da Views babban ma'auninta, kuma shi yana ƙirga sau nawa aka kunna bidiyo ko sau nawa hoto ko rubutu ya fito, har da maimaici. Mutum ɗaya da gajeren bidiyo ya sake juyo masa yana iya ƙara lissafin, don haka wanda ya kwatanta nau'ukan uku da Views ya riga ya ba bidiyo rata tun kafin a fara. Hajiya, ki tsaya kan Reach, sannan ki kawo mana alƙaluman da kike da su.

Malamin Hausa: Ni ina ba da shawarar "riska". Muna cewa wasiƙa ta riske shi, ko labari ya riske mu, wato abin ya zo ya same mu ba tare da mun fita nemansa ba, kuma ba a ce mun karanta ko mun amsa ba. Wannan ita ce ainihin ma'anar da ɗan'uwa ya bayyana. Sai a rubuta "riskar saƙo", ko a jimla a ce hoton ya riski mutum 330. "Yaɗuwa" ba ta yi mini ba, domin tana sa a zaci mutane ne suka yi ta turawa junansu, alhali sau da yawa na'urar kamfanin ce ta zaɓi wanda za ta nuna wa. Na san wani zai ce da ajali aka fi jin kalmar, amma ai muna rubuta "da fatan ta riske ku cikin ƙoshin lafiya" kowace rana.

Ma'ajin wata ƙungiya: Mu dai a fom ɗin masu ba mu tallafi, inda suke tambayar mutanen da muka kai gare su, "waɗanda suka amfana" muke rubutawa, kuma ba a taɓa dawo mana da shi ba.

Mai kula da shafukan ƙungiyoyi: Alhaji, wannan wani lissafi ne daban, kuma don Allah kada a haɗa su a rahoto ɗaya da suna ɗaya. Wanda ya karɓi buhun shinkafa ya amfana. Wanda hoton buhun ya gifta masa yana zaune a cikin Keke Napep bai amfana da komai ba.

Sakatariyar ƙungiya: Na gode. Ga riskar bidiyoyi biyar na ƙarshe, ga shi har na fara amfani da kalmar Malam: 210, 240, 260, 300 da 2,900. Na tara su na raba biyar, na sami 782. Hotuna suna kaiwa wajen 330, rubutu kuma wajen 280, shi ya sa na yi niyyar rubuta cewa bidiyo ya ninka hoto fiye da sau biyu.

Mai kula da shafukan ƙungiyoyi: Kada ki rubuta haka tukuna. Bidiyo ɗaya ne ya ja lissafin sama, kuma idan kika jera su daga ƙarami zuwa babba kika ɗauki na tsakiya, 260 za ki samu, wanda bai kai na hoto ba, bai ma kai na rubutu ba. A shafi mai mutum 800, mutum ɗaya mai jama'a da ya raba saƙo a shafinsa ya isa ya haifar da irin wannan tsalle, don haka ki buɗe wancan bidiyon ki duba sau nawa aka raba shi, da kuma kason waɗanda ba masu bin shafin ba ne a cikin waɗanda ya riska. Ki duba har ila yau ko wani ya danna Boost post a kansa, domin riskar da aka saya da kuɗi ba a gwama ta da wadda ta zo da kanta.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Idan bidiyoyinku na rabon kayan sallah ne, rubuce-rubucen kuma sanarwar taron wata-wata, to abin da kika auna bambancin labari ne, ba na nau'in saƙo ba. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a ɗauki labari iri ɗaya, misali neman kuɗin makarantar yara, a fitar da shi a siga uku a makonni daban-daban, a rana ɗaya ta mako da lokaci ɗaya, a riƙa sauya wanda ke fara fita a kowane zagaye don kada na farko ya riƙa cinye sabuntar labarin, sannan a karanta lissafin kowanne bayan kwana bakwai cif. Ko da an yi haka, idan tazarar ba ta wuce irin ta 280 da 330 ba, ni ba zan ce wani ya fi wani ba. Kuma kada ki tara riskar saƙonni ki ce jimillar mutanen da kuka riska ke nan, domin yawancinsu mutane guda ne ake sake ƙirgawa.

'Yar'uwa daga Maraɗi: A wayoyinmu da ke kan Faransanci Couverture ake rubutawa, kuma ni ma ban taɓa samun Hausarsa ba sai yau. Amma ina da ja a kan abu ɗaya: wanda ba shi da isasshen data, bidiyo ya zo masa bai buɗu ba, ya wuce, shin wannan ma an riske shi?

Mai kula da shafukan ƙungiyoyi: A ma'aunin Reach bayyana a fuskar waya ake dubawa, ba tsayawa a kalla ba, don haka ga bidiyo sai a ƙara layi guda na matsakaicin daƙiƙun da aka kalla.

Malamin Hausa: To, mu tsayar da "riska" ga Reach. Ga Views ina ganin "gilmawa" ta fi "kallo", tunda rubutu ba a kallonsa.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Riska na yarda da ita, Malam. Amma bidiyon da mutum ya zauna ya kalla har ƙarshe ba za ka ce mini gilmawa ya yi ba.

Sakatariyar ƙungiya: Zan sa "riska" a rahoton, in bar Views yadda yake a allo har ku daidaita. Na duba bidiyon nan na 2,900: limamin unguwarmu ne ya raba shi a shafinsa ranar Juma'a.