Muhawara: Raba layin rance gida biyu, da gaske ba wanda zai cutu?

Sanarwar kwamitin ƙungiyar gama kai: 'Yan'uwa mambobi, daga wannan watan mun daina bin layi ɗaya wajen bayar da rance. Kuɗin da ke shigowa duk wata za a raba shi biyu: rabi na masu neman 200,000 zuwa ƙasa, rabi a riƙa tara wa masu neman abin da ya haura haka. Dalili kuwa, babban rance ɗaya yana tare layi wata da watanni, kuɗi na kwance a asusu, mutane na jira. Wannan tsari zai rage wa kowa jira, kuma ba wanda zai cutu.

Kafinta: Ba wanda zai cutu? Ni ne na ɗaya a layi. Na cike fom tun kafin kowa, ajiyata ta kai, masu tsaya mini biyu sun sa hannu. Miliyan ɗaya da rabi na nema don in sayi injin yanka katako, mai injin ya ba ni wata uku in kawo kuɗi ko ya sayar wa wani. Da izinin wa za a tsallake ni?

Sakatariya: Malam, ba tsallake ka aka yi ba. Har yanzu kai ne na ɗaya a layin manya. Mutum goma ne a bayanka, kowa 150,000 yake nema, har da mai kuɗin makarantar yara. Kai ma ka duba musu.

Hajiya: Ni dai ban yarda a raba mini ajiyata biyu ba. Shekara shida ina zubi, ban taɓa fashi ba.

Sakatariya: Hajiya, ajiyarki na nan yadda take a littafi. Kuɗin da ake bayarwa rance ake magana.

Tsohon ma'aji: Ku bari mu yi lissafin a fili, don na riƙe littafin nan na san yadda yake tafiya. Tsakanin zubi da biyan bashi, abin da ke shigowa a wata kusan 600,000 ne. A tsohon tsari, wata na farko a ajiye, wata na biyu a ajiye, sai a na uku ya kai 1,800,000. A ba Kafinta nasa, ragowar 300,000 ta sallami mutum biyu. Wata na huɗu mutum huɗu, na biyar mutum huɗu, layi ya ƙare.

A sabon tsari kuwa, 300,000 na ƙanana yana sallamar mutum biyu kowane wata, tun daga watan farko. Biyun farko da za su karɓa a wata na uku, yanzu a watan farko za su karɓa. Na biye da su sun rage wata biyu su ma, huɗun da ke binsu sun rage wata guda-guda, biyun ƙarshe kuma ba abin da ya canza musu, wata na biyar ne ko ta wace hanya. Shi kuwa Kafinta, da 300,000 a wata, sai wata na biyar kuɗinsa zai cika. Ke nan mutum takwas sun ci riba, biyu suna nan inda suke, ɗaya an ƙara masa wata biyu. Tsarin ba laifi a wurina. Jimlar ƙarshe ta sanarwar ce ba gaskiya ba, kuma da kwamiti ya rubuta haka ƙarara da ya fi masa mutunci.

Sakatariya: Baba, ka manta waɗanda suka karɓa da wuri za su fara biya da wuri. Wannan kuɗin zai hanzarta nasa.

Tsohon ma'aji: Ban manta ba, 'yata. Idan a wata goma za su biya, kowa 15,000 yake kawowa. Wata na biyu 30,000, na uku 60,000, na huɗu 90,000, duka 180,000. Ko an juye masa shi gaba ɗaya, a wata na huɗu yana da 1,380,000, saura 120,000. Wata na biyar ɗin dai yana nan daram.

Kafinta: Alhamdulillahi, ga wanda ya faɗa da lissafi. Wata biyun nan su ne injin.

Sabon mamba: Ku yi haƙuri da ni, amma ai ƙungiyar gama kai rinjaye take bi. Tun ƙungiyar Rochdale ta Ingila a 1844 ƙa'idar ita ce mamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinsa. Takwas sun fi ɗaya. Magana ta ƙare.

Tsohon ma'aji: Ƙa'idar haka take, ɗana, amma wa ya kaɗa ƙuri'ar? A babban taro ake kaɗa ta. Abin dubawa shi ne inda aka rubuta bin layi. Idan yana cikin dokokin ƙungiya da aka yi mana rajista da su, kwamiti ba shi da hurumin taɓa shi, sai an kira taro an sanar da kowa tun da wuri, adadin da doka ta ce ya halarta. Idan kuma dokokin sun ce kwamiti ne ke tsara yadda ake bayar da rance, to suna kan daidai.

Sakatariya: Dokar cewa ta yi kwamiti zai duba takardun neman rance "bi da bi". Mu a fahimtarmu layi biyu ma bi da bi ne.

Kafinta: Ni a fahimtata bi da bi shi ne wanda ya riga zuwa ya riga samu.

Malamar makaranta: Ni ina cikin goman, lamba ta uku, don haka na ci riba, amma akwai abin da ke damuna. Me zai hana mai son 600,000 ya raba shi uku, da sunansa, da na matarsa, da na ƙaninsa? Duk mambobi ne. Kafin a ankara layin ƙanana ya cika da manya masu shigar burtu, mu koma inda muka fito.

Tsohon ma'aji: Za a yi, kada ki yi shakka. Ana gane shi ne idan takardu suka fara taruwa daidai kan 200,000 cif, ko mutum ɗaya ya tsaya wa uku a mako guda, ko biyan bashin mutum uku yana fitowa daga hannu ɗaya. Maganinsa a ƙayyade yawan mutanen da mamba zai iya tsaya wa, kuma ajiyar kowa ta ɗauki nasa rancen. Abin da na fi tsoro ma shi ne rabin manya. Ranar da wani ya zo da kuka aka ce a ɗan ara daga ciki, Kafinta zai ga wata na bakwai bai karɓa ba. A rubuta shi a shafinsa daban, a riƙa karanta abin da ya taru kowane wata.

Hajiya: Ni fa an ce mini na biyu a layin ɗan'uwan wani ɗan kwamiti ne.

Sakatariya: Haka ne, kuma ɗan kwamitin ya fita daga ɗakin kafin a yanke shawara. Yana cikin rahoton zaman, duk mai so ya zo ya karanta.

Malamar makaranta: To me zai hana sabon tsarin ya fara kan takardun da za su shigo nan gaba, mu sha ɗayan nan a sallame mu da tsohon? Kowa da sharaɗin da ya cike fom a kansa.

Sakatariya: Idan aka yi haka, mai kuɗin makaranta sai wata na huɗu, zangon karatu ya yi nisa. Saboda su aka yi gaggawar.

Kafinta: Ni ba na faɗa da yaran kowa. A kira taro kawai. Idan an kayar da ni da ƙuri'a na haƙura, in je in roƙi mai injin ya ƙara mini lokaci.

Sakatariya: Zan kai wa shugaba. Amma biyun farko mun riga mun gaya musu su zo karɓa ranar Litinin.