A ɗaure naira ko a bar ta ta yi yawo?

Dillalin Maigatari: Jama'a ni dai ra'ayina gwamnati ta ɗaure naira kawai yadda Nijar suka ɗaure sefa. Tace dala ɗaya naira ɗari biyar ce, wanda ya ƙara a kama shi, shikenan. Jakar sefa, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira dubu biyu, ran kasuwar Alhamis ko rago ɗaya baka iya ɗauka hannun mutanen Dungas.

Tsohon ma'aikacin banki, Gumel: Alhaji ba da baki ake ɗaurewa ba ai. In babban banki yace dala 500 ce to alkawari ya ɗauka duk wanda ya kawo naira 500 zai miƙa masa dala ɗaya, yau da gobe da jibi. Kamar kace tiyar gero dubu ɗaya ce a garinku, in rumbunka cike yake kana auna wa kowa a haka farashi zai tsaya, ranar da rumbu ya ƙare kuwa maganarka ta zama iska. Rumbun gwamnati shine ajiyar kuɗin waje, namu kuma mai ne yake cika shi.

Ɗan canji a Wapa: gaskiya Malam ya faɗa, a gabanmu akayi. 2015 zuwa Yunin 2016 an riƙe ta a 197, mai ya faɗi dala ta ƙi isa, sai aka hana kaya 41 samun dalar gwamnati harda shinkafa da tsinken sakace. mu a nan ta kai 350. lissafa da kanka, mai hanya ya karɓi dala dubu goma a 197, miliyan ɗaya da dubu 970 kenan, ya tsallako ya sayar miliyan uku da rabi, bai sauke ko buhu ɗaya ba. kai talaka kuma kayanka da farashin Wapa za'a maka lissafi

Dillalin Maigatari: To ai ku ne matsalar, a rufe ku a gani

Ɗan canji a Wapa: haba Alhaji, a rufe mu dalar zata ƙaru ne? lungu kawai zata koma ta ƙara tsada

Mai shago a Sule Tankarkar: Wlh ni kar a sake mana maganar canjin kuɗi, wancan na 2023 sai da na rufe shago saboda babu kash

Tsohon ma'aikacin banki, Gumel: Hajiya wancan sauya takardun naira ne, wannan farashin dala muke magana. Na dawo kan sefa. An ɗaure ta da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ne ya tsaya mata. Amma ku duba abinda suka bayar, babban bankin nasu yana Dakar, ƙasa takwas ke raba shi, gwamnatin Yamai bata isa tace a buga mata kuɗi ta biya albashi ba. Mu kuwa bashin da gwamnatin tarayya ta ci a babban banki sai da ya kai tiriliyan 22.7 a 2023. Kana zuba naira a kasuwa kana kuma rantsuwa dala bazata motsa ba, ya za'ayi? Duk nairar nan dala zata je nema. Abu na biyu in mutane suka fara gudu daga kuɗinka dole ka ɗaga kuɗin ruwa don su zauna. Ingila ta gwada ran 16 ga Satumba 1992, daga kashi 10 zuwa 12, ta sanar da 15, ta ƙona ajiya, kafin dare ta saki fam.

Malamin firamare, Garki: Amma Baba sefa bata taɓa faɗuwa ba, wannan kaɗai ya isa hujja.

Tsohon ma'aikacin banki, Gumel: Ta faɗi ɗana, kai ne baka tasa ba. Janairun 1994 dare ɗaya aka raba ta biyu, faran ɗin Faransa daga sefa 50 ya koma 100. Ɗaurarren kuɗi baya zamewa a hankali, shiru zakaji sannan ya rufto. Alamarsa kuwa tazara tsakanin farashin banki da na Wapa tana buɗewa, ajiya tana raguwa wata bayan wata, banki ya fara ce maka ka dawo sati mai zuwa.

Malamin firamare, Garki: Naji. To sakin da akayi Yunin 2023 fa? daga 460 da ɗoriya, kafin shekara ta zagayo ta wuce 1,500, albashina bai motsa ba taki ya ninka. Saudiyya tun 1986 riyal 3.75 ne dala ɗaya kuma suma mai suke sayarwa

Ɗan canji a Wapa: man su ya ninka namu sau da yawa mutanensu basu kai kwatan namu ba malam

Dillalin Maigatari: Ni dai har yanzu gara ɗaurin, ko na shekara biyu ne mutum ya san nawa zai ɗauko Alhamis. Malam in an daina buga kuɗin, dala nawa ya kamata ace tana asusu kafin a ɗaure?

Tsohon ma'aikacin banki, Gumel: Ana yawan cewa ta sayen kayan wata uku, amma wannan na zaman lafiya ne. In kowa ya taso lokaci ɗaya har masu ajiya a banki, lissafin ya koma kan yawan nairar da zata iya zuwa neman dala, kuma anan ne ni da kai zamu daɗe bamu daidaita ba Alhaji.