Abin da aka tsayar kan kwatanta hoto da baki

An tattauna yadda za a kwatanta wa mai zane hoto da baki, aka yi misali da hoton Hasumiyar Gobarau, tsohuwar hasumiyar ƙasa da ke Katsina.

1. Kowa ya yarda a fara da siffar hoton: a tsaye yake ko a kwance, daga ƙasa aka ɗauka ko daga nesa.

2. Wuri a faɗe shi da awo: hasumiyar tana tsakiya, ta cinye kashi biyu cikin uku na tsayin hoton. "Dama" kuwa damar mai kallo ce, nan aka fi yin kuskure, mai zane ya juya komai.

3. "Ja" kawai bai isa ba, a ce jan ƙasa irin na birji. Inuwa ma a faɗi inda ta faɗi, ita ke nuna hantsi ne ko la'asar.

An rabu kan sunan wurin. Wasu sun ce ambatonsa ya wadatar, wasu suka ce wanda bai san Katsina ba, zai zana hasumiyar masallacin zamani.