Neman kalmar Hausa: me za mu kira filin da ke karɓar yatsa a kewayen maɓalli?

Mai Rubuta Manhaja, Jekadafari:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a nan Gombe manhajar ajiye lissafin bashi, kuma ina son takardar bayaninta ta kasance da Hausa, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Idan aka duba manhaja da Accessibility Scanner, wato manhajar da ke binciken sauƙin amfani da fuskar waya, yakan fito da gargaɗi mai taken `Touch target`, abin da yake nufi kuwa shi ne filin da ke amsawa idan yatsa ya sauka, wanda ba dole ne ya yi daidai da hoton maɓallin da ido ke gani ba. Da `dp`, ma'aunin girman abu a fuskar wayar Android, hoton yana iya zama `24dp`, filin da ke karɓar taɓawar ya zama `48dp`, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar Android ta ba da shawara, tare da ratar `8dp` tsakanin maɓalli da maɓalli.

Ga abin da ya jawo maganar. Na jera maɓallai shida a ƙasan fuskar manhajar, na gwada a wayata mai faɗin `360dp`, komai ya zauna daram: gefe biyu sun ci 16 kowanne, saura 328, maɓallai shida sun ci 288, rata biyar ta ci 40. Biyar na farko na ɗaure su daga hagu, na shida, wato Goge, na ɗaure shi daga dama. Da manhajar ta sauka a kan wata ƙaramar waya mai faɗin `320dp`, sai Goge ya matso ciki da 40, ya cinye ratar, ya hau kan na biyar, wato Ajiye, da 32. Cikin 48 ɗin Ajiye, 16 kawai ya rage, wato kimanin milimita biyu da rabi. Wani dattijo ya rubuta bashin buhu goma sha biyu na masara, ya danna Ajiye, lissafin ya ɓace. Ina neman suna ga filin, da suna ga wannan hawan da ya yi, da kuma suna ga gyaran da ake yi domin fuska ɗaya ta dace da wayoyi mabambanta. Ni dai “wurin taɓawa” na rubuta, amma bai kwanta mini ba.

Mai Gyaran Waya, Tashan Dukku:
Wa alaikumus salam, Yaya. Wannan ai mu a shago sansa muke cewa, wasu kuma su ce tac. Idan mutum ya kawo waya yana cewa yana danna nan tana buɗe can, yawanci gilashin kariya ne ya tsage ko ruwa ya shiga, ko kuma caja marar kyau ce take sa wayar danna kanta. Da hunturu kuma fatar yatsan wasu takan bushe har wayar ta ƙi jin su. Ka rubuta sansa kawai, kowa zai gane.

Mai Rubuta Manhaja, Jekadafari:
Na gode, ƙanena, amma sansar dattijon nan lafiyarta ƙalau. Sansa tana jikin waya, abin da nake magana a kai kuwa yana cikin manhaja. Ga yadda za ka raba su kafin ka kwance wa mutum waya a banza: ka shiga `Developer options`, ka kunna `Pointer location`, ka ja yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan layin ya bi yatsanka babu yankewa, sansa ba ta da laifi. Daga nan ka kunna `Show layout bounds`, za ka ga an zana wa kowane maɓalli akwatinsa, kuma a tawa manhajar akwatunan biyu sun shiga cikin juna ƙuru-ƙuru. Idan abu biyu suka haɗu a wuri ɗaya, Android yakan fara miƙa taɓawar ga wanda yake sama, wato wanda aka zana daga baya, shi ya sa Goge ya riƙa cin nasara.

Malamin Hausa, Kumo:
Ni ban san aikin manhaja ba, amma na fahimci abin da ake nema. “Wurin taɓawa” bayani ne, ba suna ba ne, kuma zai yi nauyi idan ana maimaita shi sau goma a shafi. Tsarin harshenmu yana da hanyar ƙera sunan wuri daga aikatau, kamar yadda aka sami majema daga jima, da marina daga rini, da mahauta. Bisa wannan ƙira za a iya cewa “mataɓa”, kalma ce ta mace, a ce mataɓar maɓalli ta yi ƙanƙanta. Sai dai ina da wani tunani da na fi so. Tunda kun ce filin ya fi hoton girma, kuma ido ba ya ganinsa amma yana da iyaka, ai wannan shi ne hurumi. Garuruwanmu suna da hurumi, fili ne na kewaye wanda ba gini a kansa amma na garin ne, kuma har yau akan ce wa mutum wannan ba huruminka ba ne. Idan aka karɓi hurumin maɓalli, to hawan da Goge ya yi wa Ajiye ya sami suna da kansa, domin duk manomi ya san cin iyaka.

Ɗaliba, Jami'ar Jihar Gombe:
Allah ya gafarta Malam, cin iyaka ya yi mini daɗi ƙwarai. Game da suna na uku, ina ganin babu wahala, a ce “rage girma”. Tunda 320 kashi tara ne cikin goma na 360, ko kusa da haka, sai a rage komai da wannan gwargwado, maɓallan su koma ƙanana kaɗan, duk su shiga babu mai hawa kan wani. Haka muka yi a wani aikin aji, kuma ya fito da kyau.

Tsohon Injiniya, Pantami:
'Yata, rabin maganarki daidai ne: idan aka rage komai, cin iyaka zai tafi. Amma ki lissafa abin da zai biyo baya. Maɓallin 48 zai koma ƙasa da 43, ratar 8 ta koma 7, alhali yatsan mai sayar da masara bai ragu ba don ya sayi ƙaramar waya. Kin magance hawan juna, kin buɗe ƙofar kuskuren danna, kuma kin yi haka a kan wayar da mai ita ya fi kowa bukatar sauƙi. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiri `dp` ke nan tun farko, domin girman abu a hannu ya tsaya kusan yadda yake ko da yawan fiksel ya canza:

```
px = dp * (dpi / 160)
```

A nan `px` shi ne fiksel, `dpi` kuma yawan fiksel a inci ɗaya. A waya mai `dpi` 240, maɓallin 48 fiksel 72 ne, a mai 320 fiksel 96 ne, a mai 480 fiksel 144 ne, amma a dukkansu bisa lissafi kimanin milimita bakwai da rabi ne. Abin da ke bambanta wayoyi shi ne yawan `dp` da faɗinsu ke ɗauka. Kowa yana iya duba tasa da waɗannan umarni biyu, daga kwamfutar da aka haɗa wayar da ita:

```
adb shell wm size
adb shell wm density
```

Idan na farko ya nuna faɗin 480, na biyu ya nuna 240, to faɗin `320dp` ke nan, irin wayar dattijon. Akwai kuma tarkon da matasa suke mantawa da shi. Ni da idona ya raunana, na ƙara `Display size` a wayata, kuma wannan yana ƙara lambar ta biyu, sai faɗin da manhaja ke gani ya ragu. Waya babba a hannun tsoho tana iya zama ƙarama a wurin manhaja, don haka ba a cewa ai masu amfani da tawa duk manyan wayoyi gare su.

Saboda haka ni ina ganin ayyuka biyu ne, kuma kowanne yana bukatar sunansa. Tela idan aka kawo masa riga ta yi yawa yakan yi mata ragi, amma ba ya rage girman maɓallan rigar, yawansu yake ragewa ko ya sake musu wuri. A misalin ɗan'uwanmu, faɗin da ya rage bayan gefe shi ne 288. Maɓallai shida za su shiga cif babu rata ko ɗaya, wanda bai dace ba idan Goge na maƙwabtaka da Ajiye. Biyar kuwa za su ci 240, rata huɗu ta ci 32, jimla 272, har da canji. To a ɗauke Goge a kai shi cikin jerin ƙarin zaɓi, ko a bar layin ya karye zuwa biyu. Wannan aiki na sake wa maɓallai wuri ni “sake jere” zan kira shi, ɗayan aikin kuma a bar shi a “rage girma”, ya tsaya ga hotuna da rata, kada ya taɓa hurumi.

Ɗaliba, Jami'ar Jihar Gombe:
Na karɓi gyara, Baba. Amma ina da tambaya a kan hurumi. A darasinmu an ce Apple 44 yake nema da nasa ma'aunin, ƙa'idar shafukan intanet ta WCAG 2.2 da ta fito a 2023 kuma ta sa 24 a matsayin mafi ƙaranci, ban da wasu keɓantattun wurare. Idan muka ce hurumi, mai karatu ba zai ɗauka lamba ce guda tsayayya ba?

Malamin Hausa, Kumo:
A'a, hurumin Kumo da na Gombe ai ba girmansu ɗaya ba, kuma duk hurumi ne. Damuwata daban ce. A bakin mutane da yawa yanzu hurumi ya koma ma'anar iko ko izini, kamar yadda ake cewa kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Matashin da bai taɓa jin hurumin gari ba yana iya karanta hurumin maɓalli ya zaci aikin da maɓallin ke da ikon yi ake nufi. Mataɓa ba ta da wannan ruɗani, sai dai ba ta nuna cewa filin ya zarce hoton, kuma kunne bai saba da ita ba.

Mai Gyaran Waya, Tashan Dukku:
Malam, ni da na karanta mataɓa sai na ji kamar masu taɓawa ake nufi, irin mahauta da maƙera. Hurumi kuwa na gane shi nan take, watakila don a ƙauye na tashi. Sannan Yaya, akwai wanda ya kawo mini waya makon jiya yana cewa a cikin jerin sunaye yana danna suna, maimakon ya buɗe sai jerin ya ɗan motsa. Na gwada sansa lafiya lau. Wannan ma cin iyaka ne?

Mai Rubuta Manhaja, Jekadafari:
Ba shi ba ne. Android yana ba yatsa ɗan sassauci, a bisa al'ada `8dp`, kuma idan yatsan ya zame fiye da haka kafin a ɗaga shi, sai jerin ya ɗauka ja ake yi, ya soke dannawar. Yakan faru ga mai rawar hannu ko wanda ke cikin keke napep a hanya marar kyau, kuma faɗaɗa maɓalli ba ya maganinsa. Wannan ban san sunan da zan ba shi ba, “zamewar yatsa” ce kawai ta zo mini.

A takardar zan rubuta cin iyaka da sake jere, tunda babu wanda ya ja da su. Filin kansa zan sa “hurumin maɓalli” a bugun farko, in kai wa mutum biyar a Tudun Hatsi su karanta ba tare da na yi musu bayani ba, in ji abin da kowannensu zai ce yana nufi. Goge kuma na riga na ɗauke shi daga layin, na sa masa tambayar tabbatarwa kafin ya share komai.

Tsohon Injiniya, Pantami:
Cikin biyar ɗin nan ka tabbata akwai wanda bai kai shekara talatin ba, domin a kansu Malam yake shakka. Kuma ka tafi da ƙaramar wayar, ka ƙara mata `Display size` har ƙarshe, ka ga ko maɓallai biyar ɗin ma za su shiga.